Faifan da Ke Ɓacewa Ba Sallama

Duk wanda faifan ajiyarsa na waje ke yankewa, tambayar da nake fara yi masa ita ce: yaushe yake yankewar? Lokacin shi ke nuna mai laifi. Nawa faifan mai tera 1 ne, kuma a cikinsa hirarrakin da na naɗa da tsofaffin garinmu suke, wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Yankewa ana tsakiyar rubuta fayil tana iya lalata shi, don haka na kwafe komai zuwa wani wuri kafin na fara bincike.

Idan faifai na yankewa da an taɓa shi, ko ana cikin kwafar manyan fayiloli, to waya ce ko ƙarancin wuta. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, alhali faifai mai juyawa yakan nemi kusan 1,000 a lokacin tashi. Doguwar waya siririya tana ƙara rage wutar. Na sa gajeriyar waya mai kauri, na jona kai tsaye a jikin kwamfuta, na kwafi giga 40 lafiya lau. Waya ta fita daga zargi.

Nawa sai an bar shi ba aiki yake ɓacewa, abin da ya sa na zargi tsarin tsimin wuta na Windows, wanda ke kwantar da ramin da ya ga shiru. A Power Options na mayar da USB selective suspend setting zuwa Disabled. A Device Manager kuma na bi kowane USB Root Hub na cire alamar Allow the computer to turn off this device to save power. Duk da haka ya sake ɓacewa.

Sai na sa agogo. Minti 10 cif da barin aiki yake tafiya, a kwamfutata da ta maƙwabcina. Kwamfuta biyu, lokaci ɗaya: cutar a kwanson take. A cikinsa akwai ɗan allo da ke tafinta tsakanin SATA, yaren faifan, da USB. Wasu irin waɗannan allunan suna da nasu agogon barci, kuma idan suka kasa farkawa da wuri sai kwamfuta ta ɗauka an zare faifan.

Na ciro faifan na sa a sabon kwanso, bai ƙara yankewa ba, CrystalDiskInfo kuma ya nuna Good. Amma a kula: wasu faifan an haɗa musu bakin USB a jikin allonsu, ba su da SATA, wasu kwansunan kuma suna kulle bayanai ta yadda wani kwanso ba zai karanta su ba. In kuwa faifan na ƙas-ƙas a kowane kwanso da isasshiyar wuta, shi ne ke mutuwa. A kashe shi a kai wa masu ceto bayanai.