Baƙin Tabon da Ba Ya Jin Feshi

A ƙarshen watan Fabrairu, sa'ad da hunturu ya fara ja da baya, wani manomin rani a Bunkure ya zubar da kwando guda cikin kowane biyar da ya tsinka. Tumatir ɗin ya yi ja, ya yi kyau ta sama, amma da an juya shi sai a ga baƙin tabo a gindinsa, daidai inda fure ya faɗi, ya lotsa ya bushe kamar tsohuwar fata. Dillalan Kwanar Gafan ba sa ko taya irinsa. Sau biyu yana feshin magani, tabon bai ragu ba.

Feshi ba zai yi aiki ba, domin ba tsutsa ba ce, ba kuma cuta ce mai yaɗuwa ba. Da Tuta absoluta ce, wadda ta cinye gonakin Kano a 2016, da an ga huji da zane a ganye. Da ƙunar rana ce, da tabon ya fito fari a gefen da ke fuskantar rana. Wannan ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a cikin ɗan tumatir, ko da kuwa ƙasar tana da shi.

Kalsiyam ba ya tafiya sai cikin ruwan da saiwa ta sha. Ganye, da yake shi ke fitar da ruwa zuwa iska, shi ke jan kaso mafi tsoka, kuma abin da ya shiga ganye ba ya dawowa ga 'ya'ya. Gindin ɗan tumatir shi ne ƙarshen layi. Idan ƙasa ta bushe a makonni biyu zuwa uku na farko bayan ɗaurin 'ya'ya, lokacin da suke girma da sauri, naman wurin sai ya rasa abin da zai riƙe shi, ya mutu. Dogon iri kamar Roma ya fi kamuwa. A tattasai kuwa, tabon yakan fito a gefe, kusa da tsini.

Gonar mutumin tana can ƙarshen magudanar da ke kawo ruwan Tiga. Sai ta yi kwana goma babu ruwa, ran da ya iso kuma ya cika kwami har ya kwanta. Ƙishi da ƙoshin duk ɓarna ne, domin saiwar da ruwa ya shaƙe ba ta iya sha. Ga yuriyar da ya zuba da yawa, ta ƙara ganyen da ke ƙwace rabon 'ya'ya.

Ya tsinke masu tabo, ya shimfiɗa bambaron shinkafa a kunya, ya daina noma kusa da saiwa. Ya yi hayar injin ban ruwa, yana ba da kaɗan duk kwana uku zuwa huɗu, bayan ya tona ƙasa ya dunƙula ya ji damshinta. Waɗanda suka riga suka yi tabo ba su warke ba. 'Ya'yan da suka ɗauru daga baya ne suka fito lafiya, su ne kuma suka biya kuɗin injin.