Takardar rage ma'aikata: abin da na goge da abin da na bari

A duk takardun da ake rubutawa a ofis, babu wadda ake karantawa da idon basira kamar ta rage ma'aikata. Mai iyali zai karanta ta sau biyar, ya kai wa maƙwabcinsa mai jin Faransanci ya sake fassara masa, sannan wata rana tana iya isa gaban alƙalin kotun ƙwadago. Takarda ɗaya ce, amma masu karatunta biyu ne: wanda hankalinsa ya tashi, da wanda ke neman inda aka taka doka.

Aikina shi ne rubuta takardu da fassara su a wata ƙungiya da ke da ofis a Damagaram da kuma reshe a Tirmini, kan hanyar Takeita. Bayan Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a watan Janairun 2025, kuɗin aikin Tirmini suka yanke, ya zama dole a rage mutane. Aka miƙo mini daftarin sanarwa aka ce in gyara in kuma juya shi zuwa Hausa, domin masu gadi da direbobi da matan da ke auna yara da Hausa za a karanta musu.

Daftarin ya fara da sakin layi biyu na godiya da yabon sadaukarwa. Sai a na uku ya ce shugabanni sun yanke shawarar sake fasalin ƙungiya, kuma wasu abokan aiki za su bar mu a ƙarshen wata. Ya rufe da cewa mu iyali ɗaya ne, kuma ba za a bar kowa a baya ba. Wanda ya rubuta shi mutumin kirki ne, tausayi ne ya sa shi kewaye-kewaye. Amma da na gwada faɗin sa da Hausa sai na ga babu abin kamawa. "Sake fasali" ba ya gaya wa mai gadi ko zai sayi buhun hatsi a watan gobe.

Abu na farko da na taɓa shi ne "sun yanke shawara". Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ba ta yarda mai ɗaukar aiki ya sallami mutane saboda matsin tattalin arziki kai tsaye ba. Sai ya tara wakilan ma'aikata ya ji ta bakinsu, sufeton ƙwadago yana wurin. Kafin zaman kuma, da aƙalla kwana 15, sai ya aika musu da bayani a rubuce: dalilin ragin, yawan mutanen da abin zai shafa da irin aikinsu, ma'aunin zaɓe, da matakan da aka ɗauka don rage ɓarnar. To idan sanarwa ta fito tana cewa an riga an gama magana alhali ba a zauna ba, ƙungiya ta rubuta da hannunta shaidar cewa zaman na jeka-na-yi-ka ne. Na mayar da jimlar ta koma haka:

"Kuɗin da ke riƙe da aikin Tirmini sun ƙare, kuma ba mu samu madadinsu ba. Saboda haka ƙungiya tana da niyyar rage gurabe 9 daga cikin 24. Ba a sallami kowa ba tukuna. An aika wa wakilanku da sufeton ƙwadago na Damagaram cikakken bayani yau 2 ga Yuni, za a zauna da su ranar 18 ga Yuni."

Wannan na sa a farkon takarda, godiya ta koma ƙarshe. Mutumin da ya ga alamar mugun labari ba ya jin yabo, idonsa yana gudu ne yana neman inda aka ɓoye wuƙar. Kuma na ce gurabe, ban ce mutane ba, domin gurbin aiki ne kuɗi suka kasa riƙewa, babu wanda ya yi laifi. Duk kalmar da ke nuna gazawar wani na cire ta. Sallama saboda laifi wata hanya ce daban mai nata ƙa'idoji, kuma cakuɗa su yana ɓata sunan mutum, yana kuma raunana hujjar ƙungiya.

Abu na biyu shi ne yadda za a zaɓa. Daftarin bai ce komai ba, kuma inda takarda ta yi shiru jita-jita ce ke magana: za a ce an bar ɗan garin shugaba, an kori bare. Doka ta ce a duba ƙwarewa da iya aiki, a duba daɗewa. Wajen lissafin daɗewa kuma ana ƙara wa mai aure shekara ɗaya, da shekara ɗaya kan kowane ɗa da dokar kuɗin iyali ta amince yana wuyansa. Na sa misali a cikin takardar ba tare da suna ba. Mai gadi da ya yi shekara 4, yana da aure da ƴaƴa 5, lissafinsa shekara 10 ne. Abokin aikinsa marar aure da ya yi shekara 7 yana nan a 7. Idan iya aikinsu ɗaya ne, na biyun ne ragin zai fara shafa, ko da ya riga zuwa. Wannan zai yi masa ciwo, amma gara ya ji shi daga takarda ya san doka ce, da ya ji shi a bakin kasuwa ya ɗauka makirci ne. Sunaye kuwa ban yarda a liƙa su a allon sanarwa ba. Na rubuta cewa duk wanda abin ya shafa za a kira shi shi kaɗai, a ba shi wasiƙarsa hannu da hannu.

Na uku shi ne alkawari. "Ba za a bar kowa a baya ba" magana ce mai daɗi, amma mutum 9 za a bari a baya, kuma kowa ya sani. Na goge ta na jera abin da ke haƙƙi: wa'adin sanarwa ko kuɗinsa, kuɗin sallama gwargwadon shekarun aiki, kuɗin hutun da ba a ci ba, takardar shaidar aiki, da albashin wata ɗaya na musamman, wanda ba a cire masa haraji, da doka ta tanadar wa wanda aka sallama saboda matsin tattalin arziki. Na kuma rubuta cewa har shekara biyu, in gurbi irin nasa ya buɗe, shi ke da fifiko. Shugaba ya so a ce za mu dawo da su da zarar kuɗi sun zo. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, fifiko muke da ikon alkawartawa, kuɗin kuwa ba a hannunmu suke ba." Ban sa adadin kuɗin kowa ba, domin lissafin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Na dai faɗi wanda za a je wurinsa a ga lissafin, da ranakun da zai zauna a Tirmini, don kada mai ƙaramin albashi ya biya kuɗin mota zuwa birni saboda tambaya ɗaya.

Takardar ta fita ana saura kwanaki kaɗan layya, ga damina ta ƙarato, mutane suna lissafin rago da iri da taki. Wani ya ba da shawarar a jinkirta ta har bayan Sallah don kada a ɓata wa mutane biki. Ban goyi baya ba. Wanda ya san aikinsa yana rawa zai sayi ƙaramin rago, ko ya haƙura, ya sa kuɗin a gona. Wanda aka ɓoye wa zai ci bashi a kan albashin da watakila ba zai zo ba.

Godiyar da ta rage layi biyu ce, kuma shugaba ya sa hannu da sunansa a maimakon "hukumar gudanarwa". Shi ya je Tirmini ya tsaya aka karanta ta da Hausa a gabansa, ya amsa tambayoyin da suka biyo baya.