Haɗin da Ya Mutu Cikin Dare

Akwai wata matsala da ke addabar masu gina manhaja, wadda ke da halin ɓuya da rana ta bayyana da asuba. Manhajar wani ofishi tana aiki lafiya lau har a tashi da ƙarfe shida na yamma. Washegari da ƙarfe takwas, ma'aikaciyar da ta fara zuwa ta cike bayanan albashi, ta danna maɓallin aikawa, sai allo ya nuna mata kuskure, aikinta kuma bai shiga ba. Ta sake gwadawa, ya wuce salin alin. Injiniyan da aka kira ya buɗe kundin kurakurai, ya tarar da layi guda:

```
OperationalError: (2006, 'MySQL server has gone away')
```

Sabar kuwa ba ta je ko'ina ba. Asalin lamarin yana cikin yadda ORM irin SQLAlchemy, wanda ke shiga tsakanin lambar Python da rumbun bayanai, yake tattalin haɗi. Buɗe sabon haɗi yana cin lokaci, domin sai an gaisa ta TCP an tantance kalmar sirri. Saboda haka ba ya rufe haɗin da aka gama amfani da shi, sai ya mayar da shi ma'ajiya, wadda ke riƙe guda biyar idan ba a canza mata tsari ba.

MySQL kuma tana da nata lissafin. Duk haɗin da ya zauna shiru fiye da `wait_timeout`, wato daƙiƙa 28800 ko awa takwas bisa tsarin asali, sai ta yanke shi. A ofishin nan, buƙatar ƙarshe ta shiga da ƙarfe shida, don haka da ƙarfe biyu na dare aka katse haɗin. Ma'ajiya ba ta sa ido a kan abin da ta ajiye, sai ta miƙa wa buƙatar safe mataccen haɗi. Da kuskuren ya fito, SQLAlchemy ya gane yankewa ce, ya soke sauran tsofaffin haɗe-haɗen, shi ya sa gwaji na biyu ya yi nasara. Wannan ita ce alamar cutar: faɗuwa sau ɗaya bayan dogon shiru, sannan lafiya.

Kafin magani sai an san wa'adin sabar na haƙiƙa:

```
SHOW GLOBAL VARIABLES LIKE 'wait_timeout';
```

Kalmar `GLOBAL` tana da muhimmanci, domin wanda ya shiga da hannu ta `mysql` ba tare da ita ba, ƙimar `interactive_timeout` zai gani, wadda ba lallai ta shafi manhajar ba. Daga nan sai a sanya wa ma'ajiya wa'adin da ya gaza na sabar:

```
engine = create_engine(url, pool_recycle=3600)
```

Babu wani agogo da ke zagayawa cikin dare yana sabunta haɗe-haɗe. A lokacin da aka zo ɗaukar haɗi ne ake duba shekarunsa, ana ƙirgawa daga sa'ar da aka buɗe shi. Idan ya haura awa ɗaya, a jefar da shi a buɗe sabo. Dalilin da ya sa wannan ya wadatar shi ne shirun haɗi ba zai taɓa fin tsawon rayuwarsa ba. Wanda bai cika awa ɗaya a duniya ba, bai yi zaman banza na awa takwas ba.

Sai dai ba sabar kaɗai ke yanka ba. Idan hanyar ta ratsa ta NAT Gateway na AWS, shirun daƙiƙa 350 ya isa a manta da haɗin. A nan 3600 ba za ta tsinana komai ba, sai a sauko zuwa kamar 300. Ƙa'idar ita ce a nemo mafi gajeren wa'adi a kan hanyar gaba ɗaya, a zauna ƙasa da shi. Shi ya sa ƙara `wait_timeout` ba ya zama cikakken magani: na'urorin tsakiya ba su san an ƙara ba.

Maganin yana da iyaka biyu. Idan aka sake kunna sabar, haɗin da aka buɗe minti biyu da suka wuce ma ya mutu, alhali shekarunsa ba su kai a jefar da shi ba. Wannan aikin `pool_pre_ping=True` ne, wanda ke ƙwanƙwasa ƙofa kafin kowace ɗauka, a kan farashin ɗan jinkiri kaɗan. Na biyu, haɗin da lambar ta ɗauka ta riƙe, kamar `Session` da aka bari a buɗe yayin wani dogon lissafi, ya fita daga hannun ma'ajiya, babu ɗaya daga cikin dabarun biyu da zai cece shi. Gyaransa a rufe shi da zarar an gama.

Tabbatar da gyaran ba ya buƙatar jiran gari ya waye. A sabar gwaji, a rage `wait_timeout` zuwa daƙiƙa 30, a sake kunna manhajar, a aika buƙata, a jira minti ɗaya a sake aikawa: kuskuren zai fito. A sanya `pool_recycle=20` a maimaita. Idan buƙata ta biyu ta wuce, an kama cutar a inda take.