Yaushe Za Ka Faɗa wa Mai Ɗaukar Aiki Lalurarka?

Mai karatu, ina da farfaɗiya tun ina yaro a Ikara, kuma sau uku na nemi aiki bayan na kammala karatun adana bayanan marasa lafiya a Makarfi. Bari in ba ka labarin ukun, wataƙila ka tsira daga tuntuɓen da na yi.

Karon farko na rubuta lalurar a takardar neman aiki, ba a ko kira ni ganawa ba. Karo na biyu na ɓoye, aka sa ni aikin dare a wani ƙaramin asibiti. Rashin barci na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, don haka a mako na uku na faɗi. Wani ya cusa mini cokali a baki har haƙorina ya guntule, sannan aka sallame ni, wai na ci amana.

Karo na uku, a Kudan, na jira har takardar ɗauka ta zo hannuna, amma ban bari an tsara jadawalin aiki ba. Na je wa shugabar wurin da wasiƙar likitana, na ce: “Hajiya, ina da farfaɗiya, ina shan magani kullum, kuma ba a ɗaukarta ta miyau. Roƙona biyu: a bar ni a aikin rana, in riƙa karɓar Asabar a madadin dare, sannan a ba ni ranar ganin likita a Shika.” Na ƙara da cewa idan na faɗi a kwantar da ni ta gefe, kada a sa mini komai a baki, kuma in jijjigar ta wuce minti biyar a nemi likita da gaggawa. Ta amince, ni kuma na roƙi a sa yarjejeniyar a rubuce, domin shugaba kan canza, takarda kuwa tana nan.

Ka lura, lokacin faɗa ya danganta da irin lalurar. Idan keken guragu kake hawa, ko kana buƙatar mai fassarar maganar hannu, ka faɗa ranar da aka gayyace ka ganawa, domin kada ka tarar an sa ta a saman bene. Idan kuwa aikin gwamnati ne, ka bayyana tun a takarda, domin dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki.

Iyaka ɗaya ce ba ta da sassauci: aikin tuƙi, hawa sama ko sarrafa inji, mai farfaɗiya ba ya karɓarsa sai ya shawarci likitansa, domin a nan ba ransa kaɗai ke hannunsa ba.

Allah Ya hore mana abin yi na halal.