Zif Ɗin Da Ba A Gani Da Haɗin Ƙugu

Idan kuna son ku gane ko tela ya iya aiki, ku duba bayan doguwar riga, daidai inda sama ta haɗu da siket. Layin ƙugu na dama da na hagu dole su haɗu kamar layi ɗaya. In ɗaya ya fi ɗaya hawa, ko da kwatan inci ne, daga nesa ake hango shi, musamman in saman leshi ne ƙasan kuma atamfa.

Ina koyon ɗinki wajen gwaggona a nan Gwaska bayan an tashi makaranta. Zif ɗin ɓoye, wanda teloli ke kira inbizibul, haƙoransa a naɗe suke ta ciki. Kafin komai sai a buɗe shi a miƙar da haƙoran da dutsen guga. Haƙoran roba ne, kuma dutsenmu na gawayi ne, don haka sai mun bari ya huce sosai. In suka narke, sai an jira mai zuwa kasuwar Birnin Gwari, ga mai riga tana jiran kayan Sallarta. Zif ɗin kuma ya fi tsagar tsawo: tsaga mai inci 20, zif mai inci 22.

Gefen farko ba wuya. A kifa fuskar zif a kan fuskar yadi, a ɗinke daga wuya zuwa ƙasa, dab da haƙora. In allura ta hau haƙori, zif ba zai rufu ba. In ta yi nisa, ƙyallen zif zai leƙo.

Gefe na biyu ne ke ba da wahala. Sai a ja zif a rufe, a sa alli a ƙyallen da ba a ɗinke ba, daidai inda layin ƙugu yake. A buɗe, a ɗora alamar a kan layin ƙugu na ɗaya gefen, a soka fil. Gwaggo ba ta yarda da fil kaɗai ba. Takan ɗinke inci 2 kawai a wurin, ta rufe ta duba. In bai haɗu ba, inci 2 za ta warware, ba 20 ba.

Na tambaye ta me ke sa layin gocewa alhali an auna. Ta ce haƙoran keke na ƙasa sun fi jan abin da ke kwance a kansu, na sama kuwa ƙafar keke tana ɗan tura shi baya. Shi ya sa gefen biyu duk daga sama take farawa.

A ƙugu yadi yakan taru ya yi kauri, nan ne zif ke maƙalewa har a ja da ƙarfi ya fashe. Sai a rage bakin yadin ciki da almakashi a goge shi ya kwanta, kuma a wurin a matsar da allura kaɗan daga haƙora. Sai bayan zif ya zauna ake ɗinke sauran bayan siket.