Idan ba za ka karɓi aikin ba, ka faɗa

'Yan uwa ɗalibai na Arewa da ke karatu a nan Kudu. Mu a gida, idan babba ya yi maka tayin abin da ba ka so, ba ka cewa a'a kai tsaye. Sai ka ce "to, zan yi shawara", shi ma ya gane. Amma ma'aikacin da ke ɗaukar mutane aiki a Legas ko Ibadan bai san wannan karatun ba. Shi a wajensa "zan yi shawara" na nufin ya jira ka. Ya riƙe maka gurbi, ya dakatar da mai bi maka, kai kuma ka daina ɗaga waya saboda kunya. Wannan shirun ne ke rufe ƙofa, domin ƙin tayi kam sun saba gani.

A zangon da ya wuce wani kamfanin abincin kaji a jihar Ogun ya ba ni aiki bayan intabiyu biyu, suka ce in fara cikin mako 2. Ni kuwa ina tsakiyar gwajin ciyar da kaji na mako 8 a nan Jami'ar Ibadan, wanda a kansa digirina na biyu ya rataya. Kullum sai an auna abinci, kowane mako a auna kaji. In na tafi, aikin ya mutu. Na fara tambayar su ko za a ɗaga ranar farawa da wata 4, suka ce gurbin ba zai jira ba. Wannan tambayar ka yi ta kafin ka ƙi, don wani lokacin matsalar rana ce kawai.

Takardar ta zo ran Litinin, na yi istihara, na yi magana da Baba, ran Laraba na ba su amsa. Ban sa hannu a komai ba. Ƙin tayi kafin sa hannu abu ne mai sauƙi, amma ka sa hannu sannan ka janye, wannan saɓa alkawari ne, kuma suna tunawa.

Kafin kamfanin ma, na fara zuwa ofishin malamin da ya miƙa sunana. Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode da wannan hanya, amma gwajina ba zai bari ba, na ga bai kamata ka ji daga bakinsu ba." Mutuncinsa ya ara mini, dole shi zai fara sani.

Daga nan na kira matar da ta yi mini intabiyu, minti 3 muka gama, na bi da imel don ya zauna a rubuce. Da Turanci na rubuta, amma ga abin da ya ƙunsa: "Na gode da wannan tayi, da lokacin da kuka ba ni, musamman zagayawa da ni ɗakin gwajin ingancin abinci. Ba zan iya karɓar aikin ba, saboda binciken digirina na buƙatar in kasance a Ibadan har ƙarshen Nuwamba. Ina son aikinku, kuma in kun amince zan sake tuntuɓar ku a Disamba in ji ko akwai gurbi."

Ku lura, dalili ɗaya ne, kuma na gaskiya. Kada ka jero biyar, domin kowane dalili ƙofar ciniki ce. In ka ce albashi ya yi kaɗan alhali ba shi ne damuwarka ba, suka ƙara, me za ka ce? Kada kuma ka ƙirƙiro rashin lafiyar wani a gida, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Sannan "mu ci gaba da zumunci" magana ce ta kowa, ba ta ɗaure komai. Sa wata, ka rubuta shi a wayarka, in ya zo ka cika.

Ta tambaye ni ko na san wani. Na ba ta sunan wani abokin karatuna da ya riga ya gama, bayan na nemi izininsa, kuma don na san zai iya. In ka tura wanda ba zai iya ba, sunanka ne zai ɓaci.

Ba kowane wuri ake barin ƙofa ba. In ka ga suna wasa da maganar albashi ko sun ƙi ba da takarda a rubuce, yi godiya ka wuce, ba sai ka yi alkawarin dawowa ba. Inda kake son komawa kuwa, amsarsu za ta nuna maka. Tawa ta ce in turo takarduna idan na kare bincikena. Wannan ba alkawarin aiki ba ne, amma in na rubuta a Disamba ba baƙo ne zai yi sallama ba.

Allah ya zaɓa mana mafi alheri.