Kwanduna biyu, farashi ɗaya

Na daɗe ina ɗauka cewa idan mutane suka yi tsammanin hannun jari zai tashi, zaɓin saye zai yi tsada, zaɓin sayarwa kuma ya yi arha. Wani lissafi da na yi a bayan littafina ne ya raba ni da wannan zato.

Zaɓin saye haƙƙi ne na sayen hannun jari a kan farashin da aka yanke, a ranar da aka tsayar, kuma ba dole ne mutum ya saya ba. Ya yi kama da kafin alƙalami, sai dai kuɗinsa ba ya shiga cikin kuɗin kaya. Zaɓin sayarwa kuwa haƙƙin sayarwa ne bisa irin wannan sharaɗi. A Shikago aka buɗe kasuwar musamman ta irin waɗannan takardu a 1973.

A ce hannun jari yana dala 100 a yau (dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba), an yanke 105 zuwa shekara guda, kuɗin ruwa kuma kashi 5 cikin ɗari. Ranar wa'adi, idan farashi ya kai 120, mai zaɓin saye zai saya a 105, ya ci 15. Idan ya faɗi zuwa 90, takardarsa ta tashi a banza, mai zaɓin sayarwa ne zai ci 15.

Sai na haɗa kwanduna biyu. Na farko: zaɓin saye da ajiyar dala 100 a banki, wadda za ta zama 105. Na biyu: hannun jarin da zaɓin sayarwa. A farashin 120, kowane kwando ya ba ni 120. A farashin 90, kowanne ya ba ni 105. Na gwada farashi iri-iri har alƙalamina ya gaji, ba su taɓa saɓawa ba. Abin da ƙarshensa ɗaya, dole farashinsa na yau ya zama ɗaya:

C + K/(1+r) = P + S

C da P farashin zaɓin saye da na sayarwa ne, S na hannun jari, K farashin da aka yanke, r kuɗin ruwa. Babu gurbin tsammanin kowa a ciki. A misalinmu, C da P daidai suke.

To, idan C ya kai 8, P yana 6 fa? Sai ka sayar da zaɓin saye, ka ranci 100, ka sayi hannun jarin da zaɓin sayarwa. Dala 2 ta rage a hannunka, ranar wa'adi kuma hannun jarin zai fita a 105 ta kowace hanya, ya biya bashin. Masu farautar irin wannan riba su ne ke toshe gibin.

Amma ƙa'idar tana da iyaka. Ta zaɓi irin na Turai ce, wanda ba a amfani da shi sai ranar wa'adi. Idan kuma kamfanin zai raba riba kafin ranar, sai an cire darajarta ta yau daga S, in ba haka ba za ka hango gibin da babu shi.